Shafi ɗaya da Sinanci: yadda ake tsara takardar neman aiki a kamfanin ƙasar Sin

A shekarar 2024 ɗalibai kusan miliyan 11.79 ne suka kammala karatu a jami'o'i da kwalejojin ƙasar Sin, a 2025 kuma adadin ya haura miliyan 12. Yawancinsu kan riƙe takarda iri guda suna neman aiki da ita. Sunanta da Sinanci 简历, ana furta shi kamar "jiyanli". Ita ce takardar bayanin kai da a nan aka fi sani da sibi. Jami'in ɗaukar ma'aikata da irin waɗannan takardu suka taru a gabansa ba ya karanta su daga farko zuwa ƙarshe. Idonsa ya san inda sunan makaranta yake, ya san inda ake rubuta aikin da ake nema, can yake fara dubawa. Idan bai tarar da abin a mazauninsa ba, sai ya ɗauki ta gaba.

Wannan ya shafi 'ya'yan Hausawa kai tsaye. Akwai masu karatu a jami'o'in Sin, akwai kuma masu neman aiki a kamfanonin Sinawa da ke nan gida, irin su CCECC da ya shimfiɗa layin dogon Abuja zuwa Kaduna, ko CNPC mai haƙar mai a Agadem da hannun jari a matatar Zinder, ko Transsion na birnin Shenzhen mai ƙera wayoyin Tecno da Itel da Infinix. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauko takardar da aka rubuta da Turanci ko Faransanci, mai shafi uku, a juya ta zuwa Sinanci layi bayan layi. Kalmomin za su fito da Sinanci, amma Basine yana kallonta zai gane baƙuwa ce, domin tsarinta ba nasu ba ne.

Don a ga yadda abin yake, a ɗauki misalin wani matashi ɗan Kano da ke shekarar ƙarshe a wata jami'ar Sin, yana karanta cinikayya tsakanin ƙasashe, yana kuma son wani kamfanin waya na Shenzhen ya ɗauke shi aikin sayar da kaya a Afirka ta Yamma. Alƙaluman da za a gani a misalan nan duk na kwatance ne.

Kan takarda

Abu na farko shi ne tsawo. Sabon mai digiri shafi ɗaya yake rubutawa, a takarda mai girman A4. Wanda ya shekara goma yana aiki zai iya kai wa biyu, amma ɗalibin da bai ma karɓi shaidar kammalawa ba, idan ya cika shafi uku, za a ɗauka bai iya tace magana ba. Rubutun Sinanci yana taimakawa a nan, domin abin da zai ci layi biyu da Turanci yakan shige layi ɗaya.

A saman shafi, ta hannun dama, ake manna hoto. A Birtaniya da Amurka ana guje wa sa hoto a irin wannan takarda, amma a Sin abin da aka saba ne, rashinsa ma yakan sa a ga kamar takardar ba ta cika ba. Hoton da ake nufi irin na fasfo ne, wanda suke kira 证件照, kuma girman da aka fi amfani da shi milimita 25 ne a faɗi, 35 a tsawo, da bango fari ko shuɗi. Shagunan ɗaukar hoto a kewayen kowace jami'a sun san shi. Hoton biki da aka yanke, kafaɗar wani tana leƙowa, ba zai yi ba.

A gefen hoton ne bayanin mutum yake: suna, jinsi, shekara da watan haihuwa, lambar waya, adireshin imel, sau da yawa har da lambar WeChat, domin ta nan jami'an kamfani suka fi tuntuɓar mutum. Ɗan ƙasar Sin yakan ƙara garin asalin iyayensa, abin da ya yi kama da jihar asali da ake rubutawa a Najeriya. Yakan kuma cike wani gurbi mai suna 政治面貌, inda zai faɗi ko shi ɗan Jam'iyyar Kwaminis ne, ko ɗan ƙungiyar matasanta, ko kuwa cikin sauran jama'a yake. Wannan gurbi yana da nauyi a ma'aikatun gwamnati da kamfanoni mallakarta. Baƙo ba shi da abin cikewa a nan. Sai ya goge layin, ya sa 国籍 a madadinsa, wato ƙasar da ya fito. Ɗan Najeriya zai rubuta 尼日利亚, ɗan Nijar kuma 尼日尔. Haruffa biyun farko iri ɗaya ne, don haka a duba da kyau.

Batun suna yana buƙatar natsuwa. Yawancin ɗaliban waje suna da sunan Sinanci da malamai suka raɗa musu, ko kuma sunansu na yanka da aka rubuta da haruffan Sin, kamar yadda ake rubuta Musa 穆萨, Ibrahim kuma 易卜拉欣. Yana da kyau a sa shi a gaba don jami'i ya san yadda zai kira mutum a waya. Amma dole sunan da ke fasfo ya biyo baya da haruffan boko, harafi da harafi, domin da shi za a rubuta kwantiragi da takardar izinin aiki. Addini, sunan firamare da sakandare, da jerin dattawa uku masu tsaya wa mutum, waɗanda aka saba gani a takardun gida, duk ba su da gurbi a nan.

Daga nan sai layin da ya fi kowane muhimmanci a kan takardar, wanda kuma baƙi suka fi mantawa da shi: 求职意向, aikin da ake nema. Ba wurin zuba dogon buri ba ne. Sunan muƙamin ake kwafowa daidai yadda kamfanin ya rubuta a sanarwarsa, a ƙara garin da ake son aiki da lokacin da za a iya farawa. Matashin nan zai rubuta:

```
求职意向：海外销售专员（西非市场）｜深圳｜2026年7月到岗
```

Ma'anarsa: jami'in sayar da kaya a ƙasashen waje, kasuwar Afirka ta Yamma, a Shenzhen, zai iya kama aiki a watan Yulin 2026. Babban kamfani yana iya buɗe gurabe masu yawa a lokaci guda, kuma da wannan layin ake ware takardu zuwa sassa. Wanda ya rubuta cewa kowane aiki aka ba shi zai yi, ya bar jami'i da aikin yi masa zaɓi, jami'in kuwa ba shi da wannan lokacin.

Makaranta kafin komai

Ga sabon mai digiri, sashen karatu, 教育背景, shi ke zuwa kafin na aiki. Dalili kuwa shi ne Sinawa suna ba sunan jami'a nauyi sosai. Tun shekarun 1990 gwamnati ta ware wasu jami'o'i ta zuba musu kuɗi na musamman: shirin 211 ya ƙunshi fiye da 100, shirin 985 kuma, wanda aka sanar a watan Mayun 1998, ya ƙunshi 39 kacal. A 2017 an fitar da sabon jeri mai suna 双一流, amma har yanzu lambobin nan biyu ne a bakin masu ɗaukar aiki. Wanda jami'arsa take cikin jerin yana iya rubuta lambar a gefen sunanta. Wanda tasa ba ta ciki, kada ya ƙaƙaba mata, domin jerin sananne ne ga kowa.

Kwanan wata yana farawa da shekara, sannan wata, kuma ana jera abubuwa daga na baya-bayan nan zuwa na da:

```
2022.09–2026.06（预计）  XX大学  国际经济与贸易  本科
绩点：3.6/4.0    专业排名：前15%
```

Layin farko ya ba da lokacin karatu, da kalmar da ke nuna ana sa ran kammalawa ne, sai jami'a, fanni, da matakin digirin farko. Na biyu ya ba da maki da kuma matsayi a aji, wato yana cikin kashi 15 cikin ɗari na sama. Matsayin nan yakan fi makin kansa amfani, domin jami'o'i sun bambanta wajen tsanani. Idan maki bai taka kara ya karya ba, a bar layin gaba ɗaya, a sa darussa huɗu ko biyar da suka dace da aikin.

Wanda ya yi karatu a gida yana da ƙarin aiki. Jami'o'in Najeriya da yawa suna auna maki bisa 5.0 ne, don haka idan aka rubuta 3.8 kawai, Basine zai ɗauka bisa 4.0 ne, ya kuma ga kamar an ruɗe shi ranar da gaskiya ta fito. A rubuta 3.8/5.0. Sunan jami'a kuma a rubuta shi da Sinanci, a bi shi da sunanta na asali don a iya bincikawa. Shekarar yi wa ƙasa hidima ba ta cikin sashen karatu. Aiki ne aka yi, a sashen aiki za ta shiga, tare da faɗin abin da aka yi a wurin. Duk wannan kuwa ana iya tantance shi: digirin Sin ana duba shi a rumbun 学信网, na ƙasashen waje kuma akwai cibiya a ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi ta Sin da ke ba da takardar amincewa da shi.

Inda kalma take da nauyi

Sashen da ya fi cin lokaci shi ne na horon sanin makamar aiki, 实习经历, da na ayyukan da aka gudanar a makaranta, 项目经历. A nan ne ake gane wanda ya san salon rubutun. Jimlolin ba su da "ni". Kowane layi da aikatau yake farawa, kuma aikatau ɗin mataki-mataki ne. 协助 na nufin mutum ya taimaka wa wani. 参与 na nufin yana cikin waɗanda suka yi. 负责 na nufin aikin a wuyansa yake. 主导 kuwa na nufin shi ya ja ragama. Masu ganawa da masu neman aiki sun san wannan tsani sarai. Idan ɗalibin da ya yi wata uku a kamfani ya rubuta cewa shi ya ja ragamar buɗe kasuwa, za a tambaye shi nawa aka ware wa aikin, mutum nawa ne a ƙarƙashinsa, wace shawara ya yanke da ta ƙi ci. Tambaya ta biyu ma ta isa ta tona asiri.

A ce matashin ya yi wata uku a wani kamfanin fitar da kaya a Guangzhou. Abin da zai fara zuwa masa shi ne ya rubuta cewa ya taimaka wajen ciniki kuma ya koyi abubuwa da yawa. Wannan jimla gaskiya ce, amma kamfani ba ya sayen abin da mutum ya koya sai ya ga abin da ya yi. Idan ya zauna ya tuna, zai ga 'yan kasuwa nawa aka ba shi ya riƙa bibiya, da wane harshe ya yi magana da su, ciniki nawa ya faɗa. Sai layin ya zama:

```
2025.07–2025.09  XX贸易有限公司  外贸业务实习生
· 负责跟进尼日利亚客户30家，用豪萨语和英语处理询价
· 协助经理整理报价单，三个月内促成订单8笔
```

Wato shi ke da alhakin bibiyar abokan ciniki 30 na Najeriya, yana amsa tambayoyinsu kan farashi da Hausa da Turanci, ya kuma taimaka wa manaja wajen shirya takardun farashi, aka ƙulla ciniki 8 cikin wata uku. A lura ya raba abin da ya ɗauka shi kaɗai da abin da ya taya wani. Wannan rabon yana ƙara wa takardar kwarjini, domin mai karatu zai ga marubucin yana auna maganarsa. Layi biyu zuwa huɗu sun isa ga kowane wuri, kuma lambar da za a rubuta ta zama wadda mutum zai iya bayaninta idan an titsiye shi.

Akwai wani abu da ɗalibin waje ya kamata ya sani kafin ya rubuta wannan sashe. Dokar Sin ta ce ɗalibi baƙo da zai yi horo a wajen makaranta sai makarantar ta yarda, kuma hukumar shige da fice ta sa alamar hakan a takardar izinin zamansa. Wanda ya yi aiki ba tare da wannan ba, sannan ya rubuta shi ɓaro-ɓaro a takarda, ya ba da shaida a kan kansa.

Irin wannan tsanin yana nan a sashen ƙwarewa, 技能证书. Daga ƙasa zuwa sama: 了解, an ɗan san abu, 熟悉, an saba da shi, 熟练, hannu ya faɗa, sai 精通, an naƙalce shi ciki da bai. Kalmar ƙarshen nan tana da haɗari, domin gayyatar tambayoyi masu wuya take yi. Su kansu Sinawa masu shekaru a aiki suna taka-tsantsan da ita.

Ɗan Sin yakan nuna Turancinsa da jarrabawar CET mataki na 4 ko na 6. Baƙo kuwa Sinancinsa zai nuna, da jarrabawar HSK. A tsarin matakai shida da aka daɗe ana amfani da shi, mataki na 4 yana buƙatar kalmomi kusan 1,200, na 5 kusan 2,500, na 6 kuma 5,000. A kowanne cikin ukun jimillar maki 300 ne, 180 kuma ake ɗauka a matsayin ci. Ma'aunin da aka fitar a 2021 ya ƙara matakai har zuwa 9. A rubuta mataki da maki, kada a tsaya ga cewa an iya:

```
语言：豪萨语（母语）、英语（流利）、汉语（HSK五级245分）
```

Hausa ce a gaba a wannan layi, kuma da gangan ne. Masu jin Turanci suna da yawa a cikin masu neman wannan aikin, amma wanda zai zauna da dillalin waya a kasuwar Farm Centre ta Kano ya daidaita farashi da shi cikin harshensa, ba a samunsa ko'ina. Ɗan Nijar ko Kamaru ko Chadi zai ƙara Faransanci, ɗan Sudan kuma Larabci. Abin takaici ne a ga matashi ya ɓoye harshen uwarsa a takarda don yana ganin ba abin faɗa ba ne, alhali shi ne abin da ya bambanta shi da sauran.

A ƙasan shafi akwai ɗan sashe mai suna 自我评价, inda mutum ke bayyana halinsa. Kusan kowa yakan rubuta 吃苦耐劳, wato mai juriyar wahala, ya ƙara da fara'a da son aiki tare da jama'a. An maimaita waɗannan har sun daina faɗin komai. Layi biyu sun wadatar, su kuma ɗauki abin da bai samu gurbi a sama ba: shekara huɗu yana zaune a Sin, ya san yadda ake ciniki a ƙasashen biyu, a shirye yake a tura shi ƙasar waje na dogon lokaci. Maganar ƙarshen nan kamfanonin da ke da rassa a Afirka suna son jin ta. Sai dai a rubuta sunayen ƙasashen a cike. Gajeriyar kalmar 中尼 tana iya nufin Sin da Najeriya, ko Sin da Nijar, ko ma Sin da Nepal.

Kafin a aika

Ƙananan abubuwa ne ke fallasa takardar da ba a duba ba. Babban yankin Sin yana amfani da sauƙaƙan haruffa, Hong Kong da Taiwan kuma da na gargajiya, gauraya su a shafi ɗaya kuskure ne da ido ke kamawa nan take. Alamomin rubutu ma na Sinanci ake sawa, irin su ： da ， da 、, ba na boko ba. Salon harafi ɗaya ya isa, 宋体 ko 微软雅黑, a girman 10.5 zuwa 12. A mayar da takardar PDF don kada tsarinta ya watse a kwamfutar wani, a kuma raɗa wa fayil ɗin suna yadda suka saba:

```
姓名-XX大学-海外销售专员.pdf
```

Wato sunan mutum, jami'arsa, da muƙamin da yake nema. Saƙon imel da zai raka ta gajere ne: a buɗe da 您好, gaisuwar girmamawa, a kira kamfanin da 贵公司, a faɗi muƙamin da inda aka ga sanarwa. Kafin aikawa, a ba wani Basine, abokin aji ko malami, ya karanta da babbar murya. Jimlar da ya yi tuntuɓe a kanta ita ke buƙatar gyara.

Lokaci ma yana cikin lissafi. Manyan kamfanoni suna ɗaukar sababbin masu digiri ne tun suna aji. Zangon kaka, 秋招, yana kankama a Satumba da Oktoba, wasu kamfanonin fasaha ma tun Yuli ko Agusta suke buɗewa, kuma nan ne gurabe suka fi yawa. Zangon bazara, 春招, a Maris da Afrilu, yawanci na cike gibi ne. Ke nan wanda zai gama a Yunin 2026, takardarsa ta kamata ta kammala tun daminar 2025. Wanda ya jira sai ya sa rigar yaye ɗalibai, ya tarar an watse.

Akwai kuma iyakar da takarda, komai kyanta, ba ta tsallakewa. A ƙa'idar da aka saba, baƙon da zai samu izinin aiki a cikin Sin yana buƙatar digiri da kuma shekara biyu na gogewa a fannin. A 2017 an sassauta wa masu digiri na biyu da suka fito daga jami'o'in Sin ko fitattun jami'o'in waje da sakamako mai kyau, wasu birane kuma suna da nasu rangwamen. Saboda haka matashi mai digirin farko ya kamata ya tambayi kamfani tun da wuri ko zai iya samar masa izini. Idan ba zai yiwu a Shenzhen ba, sai ya nemi reshen kamfanin na Legas ko Abuja ko Yamai. A can ya fi kyau ya aika shafi biyu a fayil ɗaya, ɗaya da Sinanci don manajan Basine, ɗaya da Turanci ko Faransanci don jami'in ma'aikata ɗan ƙasa, ya kuma tabbata kwanakin wata da alƙaluman da ke cikinsu sun yi daidai da juna.